Yadda Ake Amsa Tambayoyin Jarrabawa Kan Kame, Beli da Sauraro na Adalci, da Yadda Za Ka Gyara wa Kanka

Ɗaliban lauya da masu shirin jarrabawar ƙarin girma a kotuna sun yi ta tambaya a kan abu guda: sun karanta sassan doka, sun haddace sunayen shari'o'i, amma in sakamako ya fito makin bai taka kara ya karya ba. Galibi matsalar a wurin haɗawa take. Mai gyara takarda ba ya ba da maki don an zuba masa duk abin da aka sani game da beli. Yana neman ya ga an ɗauki abin da ya faru a cikin tambayar, an ɗora shi a kan sashen dokar da ya shafe shi, an kuma faɗi hukunci. A ƙasa akwai tambayoyi uku na gwaji, kowace da maki 20, tare da yadda aka raba makin. Rabon makin na atisaye ne, kowane malami da nasa ma'auni, amma abubuwan da ake nema ba sa canzawa sosai.

1. Tanadi kayan aiki

Kana buƙatar Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999, musamman sashe na 35 da na 36, da dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 wadda aka fi sani da ACJA, da Dokar Shaida ta 2011. Duka ana samun su kyauta a intanet, kuɗin bugawa kawai za ka kashe. Ka buga su a takarda, domin a waya ba za ka iya ja wa sashe layi ba. Sai biro biyu, baƙi na amsa da ja na gyara, da agogo. Ba kowace tambaya minti 35: biyar na karatu da tsarawa, talatin na rubutu.

Hattara: ACJA tana aiki ne a Abuja da kuma laifukan tarayya. Jihohi suna da nasu dokokin, kamar ta Kaduna ta 2017 da ta Kano ta 2019, kuma lambobin sassansu ba lallai su zo daidai da na tarayya ba. In tambaya ta ce abin ya faru a Kano kan laifin jiha, ka kawo sashe na 7 na ACJA kai tsaye, ka yi asarar maki tun daga layin farko. Tambayoyin da ke nan duka a Abuja aka ajiye su don lambobin su tsaya wuri ɗaya.

2. Karanta tambaya da biro a hannu

Mai tsara tambaya ba ya sa rana, ko nisa, ko adadin kuɗi don ado. In ya ce kotu tana da nisan kilomita 5, yana so ka tuna da kilomita 40 na sashe na 35(5). In ya ce wata 14, yana so ka tuna da shekara ɗaya ta sashe na 161 na ACJA. Ja layi a ƙarƙashin kowace lamba, kowace rana, da kowane abu da ɗan sanda ko alƙali ya yi ko ya ƙi yi. Sannan a gefen takarda ka rubuta lambar sashe a gaban kowane layi. Wannan jerin shi ne ƙashin bayan amsarka.

Kowane batu ka rubuta shi da ƙafa huɗu: mene ne batun, me doka ta ce, yaya ta hau kan abin da ya faru a nan, mene ne sakamako. Ƙafa ta uku ita ce aka fi tsallakewa, kuma ita ta fi tsada.

3. Tambaya ta ɗaya: kame

Audu ya karɓi wayoyin hannu na naira dubu 800 bashi daga wani ɗan kasuwa a Abuja, wa'adi ya cika bai biya ba. Ɗan kasuwar ya kai ƙara caji ofis. Ranar Litinin 'yan sanda suka je gidan Audu ba su same shi ba, suka tafi da matarsa Ladi, suka ce sai ya kawo kansa za a sake ta. Talata da safe Audu ya zo da ƙafarsa, aka saki Ladi, shi kuma aka sa masa ankwa aka tura shi bayan kanta, ba wanda ya gaya masa dalili. Ranar Alhamis aka ɗauki bayaninsa ba lauya, ba bidiyo, inda ya rubuta cewa ya yaudari ɗan kasuwar. Sai Litinin ta gaba aka kai shi kotun majistare mai nisan kilomita 5. Ba Audu da Ladi shawara.

Rufe wannan shafin, rubuta amsarka, sannan ka dawo da jan biro.

Dokar da ta dace, maki 1. Ka ce abin a Abuja ya faru, don haka ACJA da Kundin Tsarin Mulki ne ke aiki. Layi ɗaya ya isa.

Bashi, maki 3. Sashe na 8(2) na ACJA ya hana kama mutum a kan rikicin da ba na laifi ba ko saɓa yarjejeniya kawai. Ambaton sashen maki ɗaya ne. Na biyu yana wurin cewa rashin biyan bashin kaya saɓa yarjejeniya ne, wurinsa kotun da ke sauraron ƙarar kuɗi, 'yan sanda ba masu karɓar bashi ba ne. Na uku na wanda ya duba ɗaya ɓangaren ne: in akwai alamar cewa tun ranar karɓar kayan Audu ya yi ƙarya don a ba shi, to ana iya zargin damfara, amma tambayar ba ta nuna wani abu irin wannan a hannun 'yan sanda lokacin da suka yi kamen ba. Bayanin da aka samo ranar Alhamis ba zai koma baya ya halatta kamen Talata ba.

Ladi, maki 3. Sashe na 7 ya hana kama wani a madadin wanda ake nema. Ladi ba a zarge ta da komai ba, don haka tsare ta bai shiga cikin dalilan da sashe na 35(1) na Kundin Tsarin Mulki ya yarda a tauye 'yancin mutum a kansu ba. Maki na uku: sakin ta da aka yi washegari bai shafe laifin ba, kwana ɗaya ma tsarewa ce, tana da haƙƙin kai ƙara da kanta.

Hattara: ɗalibai da yawa suna mantawa da Ladi gaba ɗaya saboda ta fita daga labarin da wuri. Duk sunan da aka ce ka ba shawara, dole ya samu nasa sakin layi.

Ankwa, maki 2. Sashe na 5 bai yarda a sa wa mutum ankwa ko a ɗaure shi ba sai in ana tsoron zai yi tashin hankali ko ya gudu, ko don kare lafiyarsa, ko da umarnin kotu. Mutumin da ya kawo kansa da ƙafarsa ba mai shirin gudu ba ne. In ba ka rubuta wannan jimlar ta ƙarshe ba, maki ɗaya kawai ka ci.

Sanarwa, maki 2. Sashe na 6 na ACJA ya wajabta a gaya wa wanda aka kama dalilin kama shi nan take, a kuma sanar da shi cewa yana iya yin shiru, yana iya ganin lauyan da ya zaɓa, yana kuma iya samun lauya kyauta daga hukumar ba da agajin shari'a in ya cancanta. Sashe na 35(3) ya ƙara da cewa cikin awa 24 a ba shi dalilan a rubuce, da harshen da yake ji. Abu biyu ne daban, na baki nan take da na rubuce cikin awa 24, kowanne maki ɗaya.

Tsawon tsarewa, maki 4. Nan ne aka fi zubar da maki. Sashe na 35(4) ya ce a kai mutum kotu cikin lokacin da ya dace, sashe na 35(5) kuma ya fassara lokacin: kwana ɗaya in akwai kotun da ke da hurumi a cikin kewayen kilomita 40, in babu, kwana biyu ko abin da kotu ta ga ya dace. Wannan maki biyu ne. Na uku lissafi ne: kotu tana kilomita 5, an tsare shi Talata, ya kamata Laraba ya ga majistare, amma sai da ya kwana shida. Na huɗu shi ne abin da ya kamata 'yan sanda su yi: ko su ba shi beli a ofishinsu bisa sashe na 30 tunda laifin ba na kisa ba ne, ko su nemi kotu ta ba su izinin tsarewa bisa sashe na 293, wanda a karon farko ba ya wuce kwana 14. Ba su yi ko ɗaya ba.

Wani lokaci mai tambaya yakan ajiye kamen a ranar Juma'a da yamma don ya ga ko za ka ruɗe. Kada ka ce kawai kotu ba ta zama Asabar da Lahadi ka wuce. Ka ce wannan hujja ce da 'yan sanda za su kawo, amma ba ta rufe ƙofar belin sashe na 30 ba.

Hattara: kada ka cakuɗa kwana ɗaya ko biyu na kai mutum kotu da wata biyu ko uku da ke cikin sashe na 35(4). Watannin sun shafi jinkirin yi wa mutum shari'a ne: wata biyu ga wanda ke tsare, wata uku ga wanda ke kan beli. A labarin Audu ba su da wuri, kawo su ɓata lokaci ne.

Bayanin Alhamis, maki 3. Sashe na 15(4) ya yi maganar rubuta iƙirari da ɗaukarsa a bidiyo, sashe na 17(2) kuma ya yi maganar ɗaukar bayani a gaban lauya, ko jami'in hukumar agajin shari'a, ko wani da mutumin ya zaɓa. An daɗe ana jayayya ko waɗannan zaɓi ne ko wajibi, har Kotun Ƙoli a shari'ar FRN v. Nnajiofor a 2024 ta ɗauke su a matsayin wajibi. Maki na uku na wanda ya bambance wannan da batun tilastawa ne. In Audu ya ce dukansa aka yi ya rubuta, wannan sashe na 29 na Dokar Shaida ne, kuma kotu za ta yi ƙaramar shari'a a cikin shari'a don ta gano gaskiya. Tambayar ba ta ce an doke shi ba, kada ka ƙirƙiro masa duka.

Magani, maki 2. Sashe na 35(6) ya ba wanda aka tsare ba bisa doka ba diyya da neman afuwa a bainar jama'a, ana kuma nema a babbar kotu bisa sashe na 46 da ƙa'idojin tabbatar da 'yancin ɗan Adam na 2009. Maki na biyu: kamen da bai halatta ba, shi kaɗai, ba ya rushe shari'ar da za a yi wa Audu. Wanda ya rubuta cewa dole majistare ya sallame shi saboda an kama shi ba daidai ba ya kauce.

4. Tambaya ta biyu: beli

An tsare Tanko a Abuja wata 14 bisa zargin kisan kai mai hukuncin kisa a ƙarƙashin sashe na 221 na kundin laifuka na Penal Code, har yanzu ba a gurfanar da shi a babbar kotu ba. Yana fama da hawan jini, yana da takarda daga wani asibitin kuɗi. Lauyansa ya nemi beli a gaban majistaren da ya ba da umarnin tsare shi. A wata shari'ar daban, ana tuhumar Sule da satar babur, laifin da sashe na 287 ya yanka wa ɗauri har shekara biyar. Mai gabatar da ƙara ya miƙe ya ce ana kan bincike, bai kawo komai ba. Majistare ya ba da beli a kan naira miliyan 50, ya kuma ƙi karɓar yayar Sule a matsayin mai tsaya masa saboda mace ce. Tattauna.

Kafin komai, a tambayar beli ka fara da tantance nauyin laifin, domin ACJA ta raba laifuka gida uku: mai hukuncin kisa a sashe na 161, wanda ɗaurinsa ya wuce shekara uku a sashe na 162, sai sauran a sashe na 163. Gidan da laifi ya faɗa shi ne zai gaya maka kotun da za a je, da wanda nauyin kawo hujja ke wuyansa. Wannan rabon tare da tushen beli, wato sashe na 36(5) da ya ce mutum ba shi da laifi har sai an tabbatar, da sashe na 158, maki 3 ne.

Kotun da ta dace da Tanko, maki 3. Alƙalin babbar kotu kaɗai ke ba da beli a laifin kisa. Majistare ba shi da wannan ikon ko da shi ya sa hannu a takardar tsarewa. Lauyan Tanko ya ƙwanƙwasa ƙofar da ba ita ba, sai ya shigar da buƙata a babbar kotun Abuja tare da takardar rantsuwa. In amsarka ta yi shafi guda tana auna ko majistare ya ba da belin ko ya hana, ba ta ce ba shi da hurumi ba, cire makin nan uku duka.

Rashin lafiya, maki 4. A laifin kisa nauyi yana kan mai nema ya nuna yanayi na musamman. Rashin lafiya yana cikinsu, amma da sharaɗi biyu da sashe na 161(2) ya gindaya: likitan da ke aiki a asibitin gwamnati ya tabbatar da ciwon a rubuce, kuma mai nema ya nuna cewa hukumar da ke tsare da shi ba ta da kayan kula da shi. Kowane sharaɗi maki ɗaya. Ɗora su a kan Tanko maki ɗaya: takardarsa ta asibitin kuɗi ce, bai kuma ce komai ba game da asibitin gidan gyaran hali, don haka wannan hujjar a yadda take ba za ta tsaya ba. Maki na huɗu na Abacha v. State ta 2002 ne, inda Kotun Ƙoli ta nuna cewa faɗin rashin lafiya da baki kawai bai isa a ba da beli ba.

Jinkiri, maki 3. Wannan ce hujjarsa mai ƙarfi. Sashen ya ambaci jinkiri da ya wuce ƙima a bincike, gurfanarwa da gabatar da ƙara na fiye da shekara ɗaya, wata 14 kuma ya haura shekara. Amma ka rufe da cewa haura shekara buɗe ƙofa yake yi, alƙali ne zai auna. A nan za ka kawo abubuwan da aka jera a Bamaiyi v. State ta 2001, irin su girman laifi, ƙarfin shaidar da ke hannun gwamnati, tsananin hukunci da yiwuwar mutum ya gudu ko ya taɓa shaidu.

Hattara: kada ka jingina Tanko da wata biyun sashe na 35(4). Sashe na 35(7) ya cire wanda ake zargi da laifin kisa daga wannan kariyar. Wanda ya lura da haka ya rubuta, ya ƙara wa kansa maki 1.

Sule, maki 3. Shekara biyar ta wuce uku, saboda haka sashe na 162 ne. A nan abin ya juya: beli ake bayarwa sai in an nuna dalilin hanawa, kamar zai sake aikata laifi, zai gudu, zai tsoratar da shaidu, zai ɓoye ko lalata hujja, ko zai kawo wa bincike cikas. Cewa ana kan bincike ba tare da nuna yadda sakin Sule zai ɓata binciken ba, ba hujja ba ce. Majistare ya yi daidai da ya ba da belin.

Sharuɗɗa, maki 3. Sashe na 165 ya bar sharuɗɗa a hannun kotu amma ya ce kada su wuce ƙima. Miliyan 50 a kan babur hana beli ne da sunan bayarwa. Sashe na 167(3) ya hana a ƙi mai tsayawa don kawai mace ce, abin da kotu za ta duba shi ne ko tana da adireshi tabbatacce da ƙarfin cika alkawarin. Maki na ƙarshe na mafita ne: a nemi alƙalin babbar kotu ya sake duba sharuɗɗan bisa sashe na 168.

5. Tambaya ta uku: sauraro na adalci

A ƙarshe an gurfanar da Tanko a babbar kotu. Hausa kaɗai yake ji. Aka karanta tuhumar da Turanci, kundin kotu ya nuna kawai cewa ya musanta. Ba shi da lauya, alƙali ya ce a ci gaba don shari'ar ta daɗe. Ba a kawo tafinta ba sai a shaida na uku. Da shaida na biyu ya gama, alƙali ya ce lokaci ya ƙure, aka sallame shi Tanko bai yi masa tambaya ko ɗaya ba. Aka yanke masa hukuncin kisa bisa shaidar mutum biyun farko da suka ce sun gani da idonsu. Wane dalilai za ka kafa a ɗaukaka ƙara, kuma wane umarni kake sa rai?

Ma'auni, maki 2. Sashe na 36(4) ne ya shafi shari'ar laifi, sashe na 36(6) kuma ya jera haƙƙoƙin dalla-dalla. Ma'aunin da aka kafa a Mohammed v. Kano Native Authority ta 1968 shi ne ra'ayin mutum mai hankali da ya zauna ya kalli shari'ar: shin zai tashi yana ganin an yi adalci?

Gurfanarwa, maki 5. Kajubo v. State ta 1988 da sashe na 271 na ACJA su ne jigo. A kawo mutum gaban kotu ba a ɗaure ba sai in kotu ta ga dalili, a karanta masa tuhuma a kuma bayyana masa ita har kotu ta gamsu ya fahimta, sannan a nemi ya amsa ko ya musanta. Jera matakan maki biyu, haɗa su da sashe na 36(6)(a) da ke maganar harshen da mutum yake ji maki ɗaya. Ragowar biyun na ɗorawa ne: an karanta da Turanci ga wanda ba ya ji, kundin kotu bai nuna an fassara ko an bayyana ba, saboda haka amsar da ya bayar ba amsa ba ce a doka, duk abin da aka gina a kanta kuma ya rushe.

Tafinta, maki 4. Sashe na 36(6)(e) ya ba shi tafinta kyauta. Shaidu biyu sun yi magana bai san abin da suke faɗa ba, kuma su ne shaidun da aka dogara da su. Amma cikakken maki sai ka kawo togaciyar State v. Gwonto ta 1983: wanda yake da lauya kuma ba a nemi tafinta ko aka yi ƙorafi a lokacin shari'a ba, da wuya ya tayar da batun a ɗaukaka ƙara. Sai ka bambanta: Tanko ba shi da lauyan da zai yi ƙorafin, kawo tafinta a shaida na uku kuma ya nuna kotu ta san ba ya jin Turanci.

Lauya, maki 4. Sashe na 36(6)(c) ya ba mutum damar kare kansa da kansa ko ta lauyan da ya zaɓa. A laifin kisa abin ya zarce dama, sashe na 267 na ACJA ya ɗora wa kotu ta tabbatar yana da lauya, sai dai in shi ya ƙi bayan an gargaɗe shi da haɗarin hakan. Josiah v. State ta 1985 ce shari'ar da ake kawowa. Tanko bai ƙi lauya ba, ba a ba shi ba ne, daɗewar shari'a kuma ba uzuri ba ne.

Yi wa shaida tambayoyi, maki 2. Sashe na 36(6)(d). In lokaci ya ƙure, ɗage zama ake yi a dawo da shaidan.

Sakamako, maki 3. Tauye haƙƙin sauraro yana rushe shari'a komai ƙarfin hujjar da ke kan mutum, kotun sama ba za ta tsaya auna ko da an saurare shi ma haka za a yanke ba. Wannan maki ɗaya. Biyun da suka rage suna ga umarnin da zai biyo baya. Yawancin ɗalibai suna rubuta cewa za a sallame shi a wanke shi, su ajiye biro. A laifi mai girma irin wannan, da shaidun gani da ido, abin da ya fi kusa shi ne a soke hukuncin a ba da umarnin sake shari'a a gaban wani alƙalin, bisa sharuɗɗan Abodundu v. The Queen ta 1959, waɗanda suka haɗa da girman laifin, da cewa shaidar ta nuna akwai abin amsawa, da cewa sakewar ba za ta zama zalunci ba. Lauyan Tanko zai kafa hujja da tsawon zaman da ya riga ya yi a tsare. Sashe na 36(9) da ya hana yi wa mutum shari'a sau biyu bai hana wannan ba, domin shi kansa ya togace umarnin kotun sama.

6. Gyara da jan biro

Bar takardar ta kwana kafin ka gyara, in ka gyara nan take za ka riƙa karanta abin da ka yi niyyar rubutawa, ba abin da ke kan takardar ba. Ba kanka maki ne kawai in za ka iya ɗora yatsa a kan jimlar. Doka daidai amma ba lambar sashe, rabin maki. Lambar sashe ba daidai ba, babu makin sashen, domin a wurin mai gyara gara ka ce ACJA ta hana ka yi shiru a kan lamba da ka jefa wadda ba ita ba. Haka sunan shari'a: in shekarar ta kuɓuce maka, rubuta sunan kawai.

Bayan ka haɗa jimla, raba makin da ka rasa kashi uku a gefen takarda: batun da ban gani ba sam, dokar da ban tuna ba, da wurin da na faɗi doka ban ɗora ta a kan labarin ba. Kowanne da maganinsa. Na farko yana buƙatar ka yawaita karanta tambayoyi kana ja musu layi ko ba ka amsa ba. Na biyu komawa ga sassan ne kansu, ba ga taƙaitaccen rubutun aji ba. Na uku kuwa sai ka tilasta wa kanka ambaton sunan Audu, ko Ladi, ko Tanko a kowane sakin layi, domin da wuya ka rubuta sunan mutum ba ka faɗi abin da ya same shi ba.

7. Juya labarin ka sake amsawa

Bayan mako guda, canza abu ɗaya a kowace tambaya ka ga me zai motsa. Mai da kotun Audu kilomita 60, sai kwana ɗaya ya koma biyu, amma kwana shida har yanzu sai 'yan sanda sun gamsar da kotu. Mai da takardar Tanko ta asibitin gwamnati, sharaɗi ɗaya ya cika, saura na kayan jinya a inda yake tsare. Ba Tanko lauya tun ranar farko wanda bai ce uffan kan tafinta ba, sai Gwonto ta juyo ta zama hujjar gwamnati. In a wata jiha za ka zauna jarrabawar, ɗauko dokar jihar ka rubuta lambar sashenta a gefen kowane sashe na ACJA da aka ambata a nan, ka kuma duba ko kalmomin sun zo iri ɗaya, musamman a wurin ɗaukar bayani a bidiyo da wa'adin tsarewa da izinin kotu.